Buhu tamanin, awo biyu: jawabin kwamitin dattawa a taron cikar shekarar ƙungiya

Muna gode wa waɗanda suka bar rumfunansu a Kilomita Biyar suka zo nan Miskin, da waɗanda suka taso tun daga Buwar da Garwa-Bulai. Allah Ya ji ƙan waɗanda muka fara wannan tafiya tare, suka riga mu gidan gaskiya.

An ba mu ɗan lokaci mu yi magana da matasa masu fara fitar da kaya ƙetaren teku. Mun ga gara mu ba da labari guda ɗaya, mu bi lissafinsa tun daga sayen kaya har zuwa faɗuwa, domin wanda ya ga inda kuɗi suka zube ba ya mantawa. Mai labarin za mu sakaya sunansa, mu kira shi Auta. Mun daidaita lambobin don su yi sauƙin bi, kuma mun ɗauki dala ɗaya a kan sefa 600. Dalar Amurka muke nufi, ba dalarmu ta sefa biyar ba.

Auta ya tashi a rumfar kawunsa, yana awon gyaɗa da riɗi da agushi tun bai kai tsayin sikeli ba. Ya san agushi mai kyau da ido: fari, busasshe, wanda in ka karya ƙwaya za ta yi ƙara. Ya yi tafiyar Duwala sau da dama, ya tara jarin kansa har sefa miliyan huɗu. Yana da wa, ɗan goggonsa, da ke zaune a unguwar Bronx ta birnin New York, inda ’yan zango na Gana da sauran mutanen Afirka ta Yamma suke da yawa, kuma shagunan abincin gida suke sayar da agushi da tsada. Wata rana wan nan ya kira shi ya ce: “Ƙanena, na samo maka mai saye. Yana da shago, yana neman agushi ɓararre, zai biya dala biyu da santi saba’in da biyar a kan laba, a kawo masa har tashar jirgin ruwa ta nan. Na buga maka lissafi, kilo ɗaya ya kama dala shida da santi shida. Zai ba da rabin kuɗi kafin alƙalami.”

Lissafin wan daidai ne. Auta ya riƙe “dala shida da ɗoriya a kilo” a kansa, ya ce ya sallama. Bayan kwana biyu mai shagon ya turo saƙo a waya, layi ɗaya tak:

```
80 bags x 50 lbs = 4,000 lbs
```

Auta ba ya jin Ingilishi sosai, amma ya san lamba. Ya ga 80, ya ga 50, ya ga 4,000. Buhun da ya sani tun yana yaro buhun kilo hamsin ne, kuma buhu tamanin na kilo hamsin kilo dubu huɗu ne cif. Lissafi ya fita ba ragi ba ƙari, don haka ransa bai ba shi ya sake duba haruffa ukun da ke bayan lambar ba. Ya buga kilo 4,000 sau dala 6.06, ya ga dala 24,240, wato sefa miliyan 14 da rabi da ’yan kai.

To a Amurka buhun da aka saba ɗura wake da shinkafa da irinsu a sari shi ne buhun laba hamsin, wanda bai kai kilo 23 ba. Mai shagon ƙananan buhuna tamanin yake nufi. Laba 4,000 kilo 1,814 ne, kuma kuɗinsu dala 11,000. Mutum biyu sun ce “buhu tamanin na hamsin”, kowa ya yarda an gama magana, alhali tsakanin abin da ɗaya ke nufi da abin da ɗayan ke nufi akwai agushi fiye da tan biyu.

Kafin alƙalami ya iso: dala 5,500, sefa miliyan 3 da dubu 300. A nan ne Allah Ya nuna wa Auta alama ƙarara. An ce rabi za a bayar, kuma rabin dala 24,240 shi ne 12,120. Kuɗin da ya shigo bai kai ko kashi ɗaya cikin huɗu na abin da yake tsammani ba. Da ya ninka 5,500 sau biyu, da ya ga 11,000, da ya raba shi da dala shida ya ga kilo dubu ɗaya da ɗari takwas. Sai ya fassara abin yadda muke fassara shi a kasuwarmu: baƙon ciniki ne, yana gwada ni, sauran na tafe. Ya ji kunyar ya tambaya, kada a ce yaro ne mai zalama.

Kuɗin hannunsa ba su isa ba, sai ya je wurin kawunsa. Kawun ya ce: “Ɗana, ka ga takardar ciniki?” Ya ce: “Kawu, ga saƙon nan a waya, buhu tamanin ne, kuma har sun turo kafin alƙalami.” Kawun, wanda shi ma duk rayuwarsa da kilo yake awo, ya duba ya ga buhu tamanin, ya ba shi bashin sefa miliyan 2 da dubu 700.

Ga yadda kuɗin suka tafi. Agushi kilo 4,000 a kan sefa 1,800, miliyan 7 da dubu 200. Tsinta da shanya da sababbin buhuna da ’yan dako, dubu 300. Mota daga Bangi, ta Buwar da Beloko da Garwa-Bulai har Duwala, tafiyar kilomita fiye da 1,400, haɗe da takardun duwan da kuɗaɗen hanya, dubu 700. Wakilin fito a Duwala da gurbi a kwantenar haɗaka da kuɗin jirgi, miliyan 1 da dubu 800. Jimla miliyan goma. Kowane kilo ya tsaya masa a kan sefa 2,500.

Ku lura da wani abu. A Duwala an ɗora kayan a sikeli, an rubuta kilo 4,000. Takardar kuɗin kaya ta ce kilo 4,000, takardar jerin buhuna ta ce haka, takardar jirgi ma haka. Duk takardun sun yi daidai da juna, don daga bakin Auta duka suka fito. Jami’in duwan da wakilin fito aikinsu su ga takarda ta dace da kaya, ba aikinsu ba ne su ga kaya sun dace da abin da mai saye ya nema. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya gano kuskuren, mai shagon, shi kuwa ba a tura masa takardun ba sai da jirgi ya bar Duwala.

Daren da takardun suka isa, wan ya kira. “Ƙanena, me ka loda? Mutumin nan ya ce takarda ta nuna laba dubu takwas da ɗari takwas. Shi dubu huɗu ya nema.” Auta ya ce: “Yaya, dubu huɗun na loda, buhu tamanin, na ƙirga da hannuna.” Sai da wan ya sa shi ya buɗe saƙon farko, ya karanta masa haruffan ɗaya bayan ɗaya, sannan gumi ya karyo masa.

Mai shagon bai ci amana ba. Ya karɓi laba 4,000 ɗinsa, ya cika dala 5,500 da suka rage. Ragowar kuwa, kilo 2,186, wato laba 4,818, ya ce ba shi da kuɗinsu, ba shi da wurin aje su, kuma abin da ya saya ma zai kai shi watanni yana sayarwa. Wani zai ce ai kaya ba su ɓata ba, sai a nemi wani mai saye a kan farashin nan. Haka Auta ma ya yi zato. Amma kayan da suka riga suka sauka a ƙasar mutane ba mai jiransu, mai su ba shi da bakin ciniki. Kowace rana mangaza tana cin kuɗi. Mayar da su gida ya fi ƙarfin ribarsu. Agushi kuma abu ne mai mai: in ya daɗe, musamman bayan makonni a cikin kwantena a kan teku, sai ya fara warin tsohon mai, wanda danshi ya taɓa ya yi fumfuna. Duk wanda wan ya tuntuɓa ya san waɗannan abubuwa uku, don haka kowa ya yi tayin wulaƙanci ya koma gefe yana jira.

Bayan wata biyu aka karyar da kayan. An zubar da abin da ya lalace, laba 4,500 suka rage, wani ɗan sari ya kwashe a kan dala ɗaya kowace laba. Daga dala 4,500 ɗin nan aka cire 1,500 na mangaza da dako da sake ɗurawa a ƙananan buhuna. Dala 3,000 suka zo gida, sefa miliyan 1 da dubu 800. Haɗa da miliyan 6 da dubu 600 na mai shago, abin da ya dawo duka miliyan 8 da dubu 400, a kan miliyan goma da aka kashe. Auta ya biya kawunsa bashinsa, jarinsa na miliyan huɗu ya koma miliyan 2 da dubu 400. Abin da ya fi ciwo shi ne cinikin asali mai riba ne. Da kilo 1,814 kaɗai ya tura, da kuɗin da zai kashe bai wuce wajen miliyan huɗu da rabi ba, da bai ci bashin kowa ba, da ya tashi da ribar da ta kusa miliyan biyu.

Wannan shi ne labarin. Yanzu mu koma kan awon kansa.

Laba ɗaya giram 453.6 ce, wato ba ta kai rabin kilo ba. A shekarar 1959 Amurka da Birtaniya da Kanada da Ostareliya da New Zealand da Afirka ta Kudu suka tsayar da ita a kan kilo 0.45359237, kuma haka take har yau. Kilo ɗaya laba 2.2046 ne. A takarda ana rubuta ta `lb` ko `lbs`, kilo kuwa `kg`. Amurka ce babbar ƙasar da har gobe cinikinta na yau da kullum da laba ake yi, don haka duk lambar nauyi da ta fito daga hannun mutumin Amurka, ku ɗauke ta laba ce har sai kun ga `kg` da idonku.

Ba sai da na’urar lissafi ba. In za ku mayar da kilo laba, ku ninka biyu, ku ƙara kashi ɗaya cikin goma na abin da ya fito: kilo 50 ya zama 100, a ƙara 10, laba 110. In za ku mayar da laba kilo, ku raba biyu, ku rage kashi ɗaya cikin goma: laba 4,000 ta zama 2,000, a cire 200, kilo 1,800. Ainihin lambar 1,814 ce, amma wannan ya isa ya tsayar da mutum kafin ya sa hannu. Lissafin ƙarshe na takarda kuwa a yi shi da cikakkiyar lamba.

Wurin da ake yawan tuntuɓe shi ne farashi, don shi juyawa yake yi. Da yake kilo ya fi laba nauyi, adadin kilo kullum ya fi adadin laba ƙanƙanta, amma kuɗin kilo kullum ya fi kuɗin laba yawa. Kaya iri ɗaya: laba 4,000 a kan dala 2.75, ko kilo 1,814 a kan dala 6.06. Babbar lambar nauyi tana tafiya da ƙaramin farashi, ƙaramar lamba tana tafiya da babban farashi. Auta ya ɗauko babbar lamba daga saƙon mai shago, ya ɗauko babban farashi daga bakin wansa, ya aura su. Duk lokacin da nauyi ya zo muku daga baki ɗaya, farashi daga wani baki, ku tsaya ku tambaya ko da awo ɗaya suke magana.

Mu da muka yi karatu ko muka yi hulɗa da Faransanci muna da namu tarkon na daban. A Faransanci kalmar da ake fassara laba da ita, “libir”, a bakin ’yan kasuwa rabin kilo take nufi, giram 500. Asalin kalmar da asalin haruffan `lb` ɗaya ne, tsohon awon Rumawa, amma nauyin ya bambanta. Wanda ya ce “ai laba rabin kilo ce” ba zai faɗi irin faɗuwar Auta ba, amma zai riƙa yoyo ba tare da ya sani ba. A wannan cinikin da zai auna kilo 2,000 maimakon 1,814, ya ba da kyautar kilo 186, kusan buhu huɗu namu, sefa dubu 465 a farashin da kayan suka tsaya wa Auta. Kuma ba wanda zai kira shi ya yi ƙorafi, don mai saye ba ya kuka da ƙari. Irin wannan kuskure yana iya shekara da shekaru a cikin littafin mutum.

Sannan kalmar nan ɗaya, a Ingilishi da Faransanci duka, ita ce sunan kuɗin Birtaniya. Hausa ta raba mana su tun da daɗewa: na awo laba, na kashewa fam. Dattawan da suka yi fataucin Nijeriya kafin naira ta fito a farkon 1973 sun yi ciniki da duka biyun, ba su taɓa haɗa su ba. Amma in ɗan London ya ce muku “uku a kilo” ta bakin tafinta, ko ta manhajar fassara a waya, kalmar na iya fitowa “libir uku”, ku rasa ko kuɗi ake nufi ko nauyi. Ku nemi a rubuta muku alamar: `£` kuɗi ne, `lb` nauyi ne.

Abin bai tsaya kan laba ba, don sunayen manyan awo ma suna da tagwaye. Tan ɗinmu kilo 1,000 ne. Tan ɗin Amurka laba 2,000 ne, wato kilo 907. ’Yan’uwanmu masu bin hanyar Birawo da Am Dafok sun san kintar ɗin Sudan, wanda ake awon ƙaro da riɗi da shi, wajen kilo 45 ne, alhali kalma mai kama da ita a Faransanci kilo 100 take nufi. Masu sayen kofi a Lobaye kuma, in suna duba farashin duniya a waya, su san cewa kasuwar New York tana faɗin kuɗin kofi arabika da auduga da santi a kan laba, kasuwar London kuwa tana faɗin kuɗin robusta, irin wanda ƙasarmu ke nomawa, da dala a kan tan na kilo dubu. Wanda ya ga lambar New York ya ɗauke ta kuɗin kilo, zai yi wa baƙo tayin kayansa ƙasa da rabin darajarsu, baƙon kuma zai karɓa da sauri. Saurin amincewar mai saye ma alama ce da ya kamata ta sa mutum ya sake lissafi.

Kada matasanmu su ɗauka wannan kuskuren marasa ilimi ne. Ranar 23 ga Yuli 1983 wani jirgin saman kamfanin Air Canada, ƙirar Boeing 767, ya tashi daga Montreal za shi Edmonton. Yana bukatar mai kilo 22,300. Ma’aikata sun yi lissafi da lambar laba, jirgi ya tashi da laba 22,300, ƙasa da rabin abin da yake bukata. Injinan biyu suka mutu a sama, matuƙin ya lallaɓa ya sauke shi a wani tsohon filin jirgin soja a garin Gimli, Allah Ya sa ba wanda ya rasu. An duba lissafin fiye da sau ɗaya kafin tashi, kowane dubawa ya fita daidai, don da lambar kuskure ɗaya ake ta dubawa. Haka buhu tamanin na Auta: ya ƙirga, kawunsa ya duba, Duwala ta auna, duk a kan tushe ɗaya. Maimaita lissafi ba ya kama irin wannan kuskure. Abin da ke kama shi shi ne a bi ta wata hanya dabam a ga ko za a iso wuri ɗaya, kamar a tashi daga jimlar kuɗi a komo kan nauyi.

Saboda haka ga abin da kwamitin dattawa yake roƙon ’yan ƙungiya su mayar al’ada.

Na farko, kada a sayi ko mudu ɗaya na kayan oda sai an tura wa mai saye takardar tayi ya mayar da amincewarsa a rubuce. Takardar ta ƙunshi abu huɗu a wuri ɗaya: nauyi da awo biyun duka, nauyin buhu guda, farashi da awon da aka ƙulla shi a kai, da jimlar kuɗi. Ta Auta da haka za ta kasance:

```
4,000 lb = 1,814 kg
80 x 50 lb (22.68 kg)
USD 2.75 / lb
TOTAL USD 11,000
```

Da ma ya rubuta tasa fahimtar ya tura, kilo 4,000 da jimlar dala 24,240, da mai shagon ya kira shi a ranar, tun agushin yana hannun manoma. Jimlar kuɗi ita ce mai gadi: mutum na iya tsallake haruffa biyu, amma ba ya tsallake kuɗin da zai biya. A kuma fayyace ko nauyin kaya zalla ne ko har da buhu, don a kan buhu ɗaruruwa wannan ma kuɗi ne. Malamanmu da ke zaune a nan sun sha faɗa mana cewa a fikihu cinikin da aka ba da kuɗi kafin kaya sharaɗinsa awo ya zama sananne ga ɓangarorin biyu. Buhu ba awo ba ne sai an faɗi abin da ke cikinsa.

Na biyu, in kafin alƙalami ya iso, a gwada shi da kason da aka yi alkawari kafin a taɓa ko sefa ɗaya. An ce rabi, a ninka biyu a ga ko ya ba da jimlar da ke kanku. In bai bayar ba, ko dai mai saye ya saɓa alkawari ko kuma ba ciniki ɗaya kuke yi ba, kuma kowanne daga ciki dalili ne na ɗaga waya. Matambayi ba ya ɓata, kuma ba mai sayen kirki da zai raina ku don kun ce a tabbatar muku da lamba.

Na uku, sikelin lantarki da suka cika kasuwarmu yanzu, da yawansu suna da maɓallin da ke sauya `kg` zuwa `lb`, kuma yatsan ɗan dako ya isa ya taɓa shi. Kowace safiya a duba haruffan da ke gefen lambar, a ɗora abin da aka san nauyinsa. Buhun siminti na kilo 50 in ya nuna wajen 110, sikelin yana kan laba. Wanda ya saya a haka zai biya kuɗin kilo a kan abin da bai kai rabin kilo ba. Wanda ya sayar a haka ya tauye awo, ko da bai yi niyya ba, kuma sunan kasuwarmu ne zai ɓaci.

Na huɗu ya shafe mu, mu manya. In yaro ya zo neman bashi ko lamuni a kan odar waje, kada mu tsaya a “buhu nawa ne?” Mu tambaye shi kilo nawa ne a buhun, nawa ne jimlar kuɗin da mai saye ya amince da ita a rubuce, nawa ya turo. Muna kuma ba shugabanni shawara a sami mutum biyu cikin ’ya’yanmu masu jin Ingilishi da Faransanci su riƙa zama a ofishin ƙungiya rana ɗaya a mako, duk mai takardar waje ya kawo a karanta masa ita harafi da harafi kafin ya sa hannu. In babban taro ya amince, sai sakatare ya rubuta sunayen masu sa kai kafin mu watse.

Allah Ya sa albarka a cikin neman kowa, Ya tsare direbobinmu a hanyar Duwala, Ya mayar wa duk wanda ya yi hasara da mafi alheri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya nuna mana taron baɗi da rai da lafiya.